Tsawon rubutu ba shi ne amsa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Wallahi raina ya ɓaci da maganar baƙonku na shirin ilimi na ranar Asabar, inda ya ce wa ɗalibai su zuba duk abin da suka sani a takardar jarrabawa, wai malami zai tsinci abin da yake nema. Ni malamin tarihi ne a jami'a, ni ne ake bar wa tsintar, kuma ina faɗa muku wannan shawara kayar da yara take yi.

A zangon da ya wuce mun tambayi 'yan aji biyu: "Har zuwa wane mataki ne rashin haɗin kan masarautu ya jawo faɗuwar daular Sakkwato a hannun Turawan Ingila a 1903?" Wani yaro mai ƙoƙari, wanda ba ya fashin aji, ya cika takarda har ya nemi ƙari. Ya faro daga haihuwar Shehu Usmanu a 1754, ya kawo hijira zuwa Gudu da yaƙin Tabkin Kwatto a 1804, ya kai ga cin Alƙalawa a 1808. Duk gaskiya ne, babu kuskuren shekara ko ɗaya. Amma labarin kafuwar daula ya ba mu, alhali faɗuwarta muka tambaya. Turawa ba su shigo rubutunsa ba sai a shafin ƙarshe. Da ya ga makinsa ya zo ofis idonsa ya yi ja, yana cewa, "Malam, ai na rubuta da yawa." Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, amma ba ni da inda zan ɗora masa maki.

Akwai kauce hanyar da ta fi wannan wuyar ganewa. Wata ɗaliba ta tsaya a zamanin da ake magana, ta kawo yadda Turawa suka ci garuruwa: Bida da Ilori a 1897, Yola a 1901, Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, sai Burmi a Yuli inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Ta jera su tsaf, ta ajiye biro. To ina hukuncin? Tambayar ta ce har zuwa wane mataki, wato a auna. Da ta ƙara da cewa jerin nan da kansa shaida ne, domin kowace masarauta ita kaɗai ta fuskanci Turawa, aka bi su ɗaya bayan ɗaya, da ta shiga amsa. Sannan ta ɗora wannan dalili a sikeli da bindigar Maksim ta Turawa mai ruwan harsashi, wadda mahaya dawaki da masu kwari da baka ba su da maganinta ko da sun taru wuri guda, ta faɗi wanda ya fi nauyi a ganinta.

Abin da ya kamata baƙon naku ya koya wa yara ke nan, kuma ba shi da wahala. Kafin ka fara rubutu, ja layi ƙarƙashin abu uku a tambayar: aikin da aka sa ka, batun, da iyakar lokaci ko wuri. Rubuta amsarka a jimla ɗaya a gefe. Idan ka kasa, ba ka shirya farawa ba. In ka gama, a misalin tambayar nan tamu, bi sakin layi ɗaya ɗaya ka gwada ƙarasa shi da "saboda haka daular ta faɗi". Wanda ya ƙi karɓar wannan jimla ya fita daga hanya. Haihuwar Shehu ba ta karɓa. Basasar Kano ta 1893 kuwa tana karɓa, duk da ta riga zuwan Turawa, muddin ka nuna yadda ta raba kan gidan sarauta ta kuma raunana biyayya ga Sakkwato. Ashe ba tsufan labari ne ke fitar da shi ba, rashin ɗaure shi da tambaya ne. Shimfiɗa kuma ba laifi ba ce, amma jimla biyu ko uku sun isa.

In aikin gida ne, rufe tambayar ka ba abokinka ya karanta, ka ce ya cinko abin da aka tambaya. Idan ya ce tarihin jihadi ne, koma ka sake.

Sannan don Allah ku duba yawan tallan da kuke cusawa a shirin nan. Wata uwa ta bugo waya tana tambaya kan 'yarta, kuka katse ta saboda tallan sabulu, kuma ba ku koma kanta ba. Ku nemo ta ku amsa mata, ku kuma gayyato wanda yake duba takardun jarrabawa da hannunsa ya gyara maganar ranar Asabar kafin yara su shiga jarrabawar zangon nan.

Naku,
Malamin tarihi mai sauraronku, daga Kano