Kafin a haƙa tushen bene, a gyara takardar neman izini

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin in yi magana da masu shirin gina bene na iyali a Kano. Sana'ata zanen gini, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mutum zai tara kuɗin siminti da rodi, amma takardar neman izini da zai kai KNUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, sai ya rubuta ta layi biyu: "Ina neman izinin gina gida." Wane gida? A ina? Hawa nawa?

A ɗauki magidanci mai fuloti ƙafa 50 a 100, wato kusan mita 15 a 30. Da Turanci aka saba rubuta takardar, amma ga abin da ya kamata ta ƙunsa:

"Zuwa ga Manajan Darakta. Ina neman izinin gina gidan zama na iyali ɗaya, ƙasa da bene hawa ɗaya, a fuloti mai lamba kaza, unguwa kaza, ƙaramar hukuma kaza. Ƙasa akwai falo biyu, ɗakin baƙi, kicin da sito. Sama akwai ɗakunan kwana huɗu, kowanne da banɗaki. Na haɗa da kwafin takardar mallakar fili, da zanen safiyo, da waɗannan zane-zane: na zaman gini a cikin fuloti, na ɗakunan ƙasa da na sama, na rufi, na fuskokin gini huɗu, na yankan gini daga tushe zuwa rufi, na injiniya mai nuna tushe, ginshiƙai, bim, dekin da matakala, tare da lissafinsa, na wayoyin lantarki, na bututun ruwa da sokawe."

Sai sa hannu, kwanan wata da lambar waya. A kuma tabbata sunan da ke kan takardar shi ne ke kan takardar fili da kan kowane zane. Wanda ya sayi fili bai sauya suna ba, daga nan fayil ɗinsa zai fara tsayawa.

Cikin jerin nan, zanen injiniya shi mutane suka fi gudu, wai kashe kuɗi ne, ai birkila ya san aikinsa. Alhali shi ne ya bambanta bene da gidan ƙasa. Zanen ɗakuna yana nuna inda falo yake ne kawai. Na injiniya shi ke faɗin abin da zai riƙe dekin a saman falon. Idan maigida yana son falo mai faɗin mita 6 ba ginshiƙi a tsakiya, dekin mai kaurin milimita 150 da aka saba zubawa ba zai tsallake wannan faɗi shi kaɗai ba, sai an sa bim, an lissafa zurfinsa da yawan rodin da zai ci. Haka in bangon ɗakin sama ya sauka a tsakiyar falon ƙasa, ba bango ko bim a ƙarƙashinsa. Maigida da kansa zai iya gano wannan: ya ɗora zanen sama a kan na ƙasa, ya ɗaga su ga haske, ya duba ko bango ya hau kan bango. Duk inda bai hau ba, ya tambayi injiniya me ke ɗauke da shi. Hatimin ma a duba: mai zanen gini ya kasance mai rajista da ARCON, hukumar rajistar masu zanen gini ta ƙasa, injiniya kuma da COREN, takwararta ta injiniyoyi. Sayen hatimi a buga a kan zanen da mai hatimin bai taɓa karantawa ba, wallahi wasa ne da ran iyali.

Zanen zaman gini a fuloti shi ma yana da nasa nauyin. Nan ake ganin ratar da aka bari tsakanin gini da titi da katangar maƙwabta, da inda sokawe zai zauna, musamman in akwai rijiya a kusa. Ni kan ƙara da duba tagogin sama a zanen fuskoki. Tagar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci ta isa ta ɓata zumuncin shekaru, kuma ɗaga ta ko juya ta a kan takarda bai fi aikin minti kaɗan ba.

In izini ya fito, a ajiye kwafin zanen da hukuma ta buga wa hatimi a wurin aiki, a gina abin da ke cikinsa. Wanda ya nemi hawa ɗaya ya ɗora na biyu, ko ya fasa gaban gida ya yi shaguna, izininsa bai rufe wannan ƙari ba, sai ya koma da sabon zane da sabon lissafin injiniya. Ina kuma roƙon KNUPDA ta wallafa jerin takardun da take buƙata da kuɗin kowane mataki da Hausa, ta liƙa a ofishinta, a kuma karanta a rediyo, domin magidanci ya shigar da fayil ɗinsa da kansa ba sai ya bi ta hannun 'yan tsakiya ba.

Naku,
Wani mai zanen gini, Kano