Dutsi, Dutsin-Ma da Dutse: yaya zan koya wa iyalina rarrabe mota?

Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya, ya ƙoƙari da jama'a.

Ni magidanci ne a Daura, ina sayar da hatsi. Abin da ya sa na rubuto maka, wasu za su ga ƙarami ne, amma ni ya tsaya mini a rai, domin da bakina na ba ɗana shawarar da ta ɓatar da shi.

Yaron ya samu gurbi a jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma, kuma bai taɓa tafiya shi kaɗai ba. Daga nan sai ya bi ta Mashi zuwa Katsina, sannan ya sake mota. Na san sunayen nan uku suna rikita mutane: Dutsi da ke kusa da mu, Dutsin-Ma, da Dutse babban birnin Jigawa. Ga shi Dutsin-Ma da Dutse kowace tana da jami'ar tarayya, duk a 2011 aka kafa su, don haka ko ka ce "motar jami'a" ba ka rarrabe komai ba. Sai na ce masa ya dubi lambar mota: DTM Dutsin-Ma ce, DTS Dutsi, DUT kuma Dutse.

Ya isa tasha, ya ji ɗan kamasho yana kiran wani abu mai kama da "Dutsi, Dutsi, saura mutum biyu", ya duba lamba ya ga DTM, ya shiga. Kuɗin da aka karɓa ya fi wanda na faɗa masa nesa ba kusa ba, amma ya ɗauka tsadar mai ce, kuma ya ji kunyar tambaya. Sai da suka wuce Charanchi suka shiga Kankiya hankalinsa ya tashi, don na gaya masa zai ga Kurfi a hanya, bai gan ta ba. Ashe motar Dutse ce za ta bi ta Kano. Allah ya taimaka akwai hanya daga Kankiya zuwa Dutsin-Ma, ya sauka ya nemi wata motar. Kuɗin farko sun tafi, ya isa makaranta an tashi daga rajistar ranar.

Daga baya wani direba maƙwabcina ya fahimtar da ni kuskurena. Haruffa ukun nan suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi wa mota rajista ne kawai. Mota mai DTM tana iya shekara tana jigilar Kano ba ta leƙa Dutsin-Ma ba. Lambar da ake rubutawa da fenti a jikin mota ma ta ƙungiya ce ko ta kamfani, ba ta faɗin inda za a. Allon da ake ɗorawa a kan mota ya fi, sai dai wani lokaci an gajarta sunan, ko motar ta cika an mayar da allon kan ta baya kana tsakiyar ciniki.

Shi ya ba ni dabarar tambaya da garin tsakiya. Mai zuwa Dutsin-Ma daga Katsina ya ji an ambaci Kurfi. Mai zuwa Dutse ya ji Kano da Wudil. Ya kuma ce kada a tambayi "motar Dutsin-Ma ce?", domin a cikin hayaniya wanda ya ji rabin maganar zai ce eh. A ce "ina motar nan za ta, ta ina za ta bi?", kuma a tambayi fasinjan da ya riga ya zauna.

To Malam, ga inda na tsaya. Mahaifiyata tana zuwa Dutsi wajen ƙanwarta, tana kuma zuwa Kankiya, wadda ake rikitawa da Ƙanƙara. Ba ta karanta boko, jinta ya ragu, kuma ba ta yarda a raka ta, tana cewa tun ba a haife ni ba take shiga mota. Idan na ce ta riƙa tambayar fasinja, sai ta ga na mayar da ita yarinya. Uwargidana ta ce in rubuta sunan garin a takarda ta riƙa nuna wa direba, ko in karɓi lambar wayarsa in kira. Ni kuma ina tsoron ranar da takardar za ta ɓace ko waya ta ƙi shiga.

Wace hanya ce za ta fi dacewa da dattijuwa irinta, wadda za ta riƙe da kanta ba tare da ta ji an rage mata girma ba? Kuma yaya zan sa yaron ya daina jin nauyin tambaya a tasha? Hutu ya kusa, zai dawo shi kaɗai.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani mai sauraro daga Daura