Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kontabul Ɗin Makarantar Ƴata A Damagaram

Malam Kontabul, assalamu alaikum. Ina fata ana aiki lafiya.

Ka san maganar, domin sau uku ina zuwa ofishinka a kanta. Kuɗin makarantar ƴata jaka 120 ne a shekara, kashi uku: jaka 50 da shigowar Oktoba, jaka 40 a Janairu, jaka 30 a Afrilu. Kashi na biyun nan an biya shi sau biyu.

Ranar 6 ga Janairu ƙanena da ke Agadas ya zuba jaka 40 a asusun makaranta na banki. Ranar 9 aka fid da yarinyar daga aji, wai ba ta biya ba. Ta iso gida Garin Malam da hantsi, jakarta a hannu, ko ruwa ta ƙi sha. Wayar ƙanena ba ta shiga, ni kuma ban san ya riga ya biya ba. Na ja tunkiyar uwarta na kai kasuwa, na kawo jaka 40 hannu da hannu, kai da kanka ka buga hatimi a rasit.

Na gane inda aka samu tangarɗa. Littafin da kuke dubawa kafin a kori yaro, kuɗin hannu kaɗai ake rubutawa a ciki. Abin da ya shiga banki ba ku ganinsa sai takardar ƙarshen wata ta zo, kuma a kanta sunan ƙanena ne ya fito, ba na ɗaliba ba. Kuskure ne, ban ce an ci kuɗina ba. Amma tun farkon Fabrairu na aje maka takardun biyu a kan tebur, ka gwada lambar ta banki da taku, ka ce da bakinka: “Gaskiya ne, Alhaji, ka ba mu sati guda.” Yau sati bakwai ke nan. Jiya kuma sai ga yarinya da takardar tuni, wai a shirya jaka 30 na Afrilu.

Malam, ka yi lissafi. Hamsin da arba'in da arba'in, jaka 130 ke hannunku. Na wuce kuɗin shekara duka da jaka 10.

Hanya biyu ce, ka zaɓi mai sauƙi gare ku. Ko a maido mini jaka 40 ɗina in biya na Afrilu idan lokacinsa ya yi, ko a cire jaka 30 a rufe kashi na uku a ba ni cikon jaka 10. Kowace aka ɗauka, ina roƙon takarda mai hatimi da sunan ƴata da ajinta, wadda ta ce ba a bin ta komai, a kuma gyara littafin da mai gadin ƙofa yake aiki da shi. Don Allah kada a sake tsayar da ita gaban ƴan ajinsu.

Zan zo ranar Litinin da ƙarfe tara, da takardun biyu a hannuna.

Naka,
Mahaifin wata ɗaliba, Garin Malam, Zinder