Wasiƙa zuwa ga aminina kan matsalar ruwan gidan haya

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yara. Wasiƙarka ta iso ni, na karanta ta har sau biyu. Inda ka ce maiɗakinka tana tashi ƙarfe uku na dare ta tari ruwa a famfon ƙasa, ta riƙa hawa da shi bene, wallahi sai da na ajiye takardar na yi shiru, don abin da ya faru a gidana ke nan wata da watanni. Ka ce in turo maka saƙon da na rubuta wa mai gidanmu ka kwafa. Zan turo, amma ka bari in fara gaya maka yadda aka yi aka kai ga rubuta shi, domin idan ka kwafe shi kai tsaye ba lallai ya dace da gidanku ba.

Saƙona na farko bai yi amfani ba. Na rubuta shi ne ranar da muka kwana uku ba ɗigon ruwa, raina a ɓace. Na ce mun gaji, a saka mana tanki ko a haƙa mana rijiyar burtsatse. Amsar da ya bayar ita ce za a duba. Daga baya na gane ban ba shi abin da zai duba ɗin ba. Tanki da burtsatse ba maganin ciwo ɗaya ba ne. Tanki ba ya kawo ruwa, ajiye wanda ya zo kawai yake yi. Idan ruwa yana zuwa gidanku amma ba kullum ba, ko yana zuwa a lokacin da kowa ke barci, tanki kuke buƙata. Idan kuwa bututun ya bushe ne gaba ɗaya, ko abin da ke zuwa bai kai abin da kuke amfani da shi ba, ko tanki goma aka jera, wayam za su zauna. Ni da na haɗa su biyun a jimla ɗaya, na nuna masa cewa ni ma ban san wanne nake nema ba.

Sai na samo ɗan littafi na rataye shi kusa da famfon tsakar gida. Mako takwas muna rubuta ranar da ruwa ya zo, da ƙarfe nawa ya zo, da ƙarfe nawa ya ɗauke. Wani dattijo da ke ɗakin ƙasa, wanda ba ya samun barci sosai, shi ya riƙe mana rubutun dare. Abin da littafin ya nuna ya ba ni mamaki. Ashe ruwan yana zuwa kusan dare huɗu a mako, yana yin kamar awa shida, daga tsakar dare zuwa wayewar gari. Mafi tsawon ɗaukewar da ya yi kwana huɗu ne. Mu na sama ne ba ma ganinsa ko ya zo, saboda ba shi da ƙarfin hawa. Alamar ba ta da wuyar ganewa: famfon ƙasa yana zuba, na sama yana huci da iska kawai.

Daga nan sai lissafi. Na sa bokiti mai lita 20 a bakin famfo ina duban agogo, ya cika cikin minti biyu. Ka ga lita 10 ke nan a minti, lita 600 a awa, lita 3,600 a dare ɗaya. Dare huɗu sun ba da lita 14,400 a mako. Gidan namu sassa shida ne, uku a ƙasa uku a sama, mutum 32 har da yara. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta lita 50 zuwa 100 ga kowane mutum a rana don sha da girki da wanka da wanki. Na ɗauki mafi ƙanƙanta, lita 50, don kada a ce mun zuzuta. Gidan yana buƙatar lita 1,600 a rana, lita 11,200 a mako. Wato ruwan da ke shigowa ya fi wanda muke buƙata, wurin tara shi ne babu. Duk wahalar da muke sha, ruwanmu wucewa yake yi da dare muna kwance.

Girman tankin kuma daga kwana huɗun nan na fitar da shi. Kwana huɗu sau lita 1,600 ya kama lita 6,400. Mai gyaran famfon da na kira ya ce a sa tanki mai lita 5,000 a ƙasa, inda ruwan zai shiga da kansa komai rauninsa, a sa mai lita 2,000 a sama, da ƙaramin inji a tsakani mai tura ruwa daga na ƙasa zuwa na sama. Ya ja mini kunne a kan abu biyu da nake so ka riƙe. Kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka tankin sama idan ya cika tan biyu ne, ba a ɗora shi kan rufin da ba a gina don haka ba, sai a yi masa hasumiyarsa ta ƙarfe ko ta kankare, ta ɗara famfunan bene tsayi. Sannan kada a kuskura a jona inji kai tsaye da bututun da ke shigowa daga waje. Zai janye ruwan maƙwabta, idan akwai tsaga a bututun zai zuƙo ƙazanta, ranar da babu ruwa kuma ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone.

Ga saƙon na biyu kamar yadda na tura shi, da sa hannun mu shida:

"Ranka ya daɗe, muna gaisuwa. Mu ne 'yan hayar gidanka gaba ɗaya. Cikin mako takwas da suka wuce mun rubuta zuwan ruwa da ɗaukewarsa, ga kwafin rubutun nan haɗe. Ruwa yana zuwa kusan dare huɗu a mako, amma ba ya hawa bene, kuma yakan ɗauke har kwana huɗu a jere. Mutum 32 ne a gidan, muna buƙatar aƙalla lita 1,600 a rana. Mun auna, ruwan da ke shigowa zai ishe mu idan da wurin tara shi. Muna roƙon a saka tanki mai lita 5,000 a ƙasa, da mai lita 2,000 a sama, da injin turawa. Mu kuma mun ɗauki nauyin kuɗin wutar injin da wanke tankunan. Idan ka fi son burtsatse, muna roƙon a fara auna ƙasar kafin a haƙa. Muna fatan jin amsa cikin mako biyu, kuma a shirye muke mu zauna da kai ko da wakilinka a duk ranar da ka zaɓa."

Ka lura ban ce za mu riƙe kuɗin haya ba. Wani maƙwabcina ya so a saka, na roƙe shi ya haƙura. Na duba takardar yarjejeniyar hayarmu, babu inda aka yi maganar ruwa ko kaɗan, kuma wanda ya ƙi biyan haya shi ke komawa mai laifi, maganar ruwan ta bi iska. Kai ma ka duba taka kafin ka rubuta komai. Idan an rubuta cewa mai gida ne zai samar da ruwa, sai ka ambaci wannan layin cikin ladabi.

Kwana biyar bayan saƙon sai ga shi ya zo da kansa da yamma. Ya tsaya a gindin matakala yana kallon jarkokin da muka jera, sai ga 'yata ƙarama tana saukowa da bokiti, ta jiƙe rigar makarantarta. Bai ce komai ba. Ya buɗe famfon sama ya ji hucin iskar da kunnensa. Sai ya ce shi burtsatse ya fi kwanta masa, a huta gaba ɗaya.

A nan ni ne na ja baya, ko da yake ni na fara ambatarta. Burtsatse ba rami ne kawai ba. Sai masu auna ƙasa sun zo sun duba ko akwai ruwa da zurfin da za a same shi, kuma ko an auna ana iya haƙawa a tarar da ruwan bai taka kara ya karya ba. Bayan haƙa akwai bututun da ake zurawa don kada ramin ya rufta, da tsakuwar da ake zubawa kewaye da shi, da simintin da ake toshe bakin da shi don ruwan saman ƙasa kada ya gangara ciki. Sai a ja ruwan na awoyi a ga ko yana ƙafewa, a kai shi ɗakin gwaji kafin kowa ya sha. Kuma a ƙarshe sai an sa tankin sama ɗin dai. Babban abin da ya tsorata ni shi ne masai. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai. Mun ja igiyar awo a gabansa, wurin da motar haƙa za ta iya shiga mita 12 ne kawai daga namu ramin. Na ce masa, ranka ya daɗe, ruwan nan yaranmu ne za su sha. Ya yi shiru, ya ce a kawo masa lissafin tankuna.

Yanzu an zuba dakalin tankin ƙasa, an daidaita shi sumul, don an ce tankin roba idan ya zauna kan dutse ko karkatacciyar ƙasa gindinsa ke tsagewa. Tankin bai iso ba tukuna, hasumiyar ma ya ce sai ya karɓi hayar gaba. Har yanzu muna hawa da jarka, amma ko na ƙasan kaɗai aka saka, maiɗakina ta daina tashin dare. Na kuma roƙi a sa masa ƙwallon nan da ke toshe bakin bututu idan ya cika, da murfi mai kamawa sosai saboda sauro da ƙura.

To ka fara da littafi da bokiti da agogo, ko na mako huɗu ne. Ka ƙirga mutanen gidan, ka taka tazarar da ke tsakanin ramin masai da wurin da motar haƙa za ta iya shiga. Idan ka tara, ka turo mini alƙaluman mu yi lissafin tare kafin ka rubuta wa mai gidan naku, don mai yiwuwa ku burtsatsen ce ta dace da ku.

Ka gaida mini maiɗakinka, ka ce ina yi mata sannu da ɗawainiya. Ka shafa mini kan yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka