Rahoton Shekara Na Kwamitin Burtsatse, Da Hasashen Damina Mai Zuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekararmu ta ƙare ƙarshen Yuni, ga rahoto kamar yadda aka saba, duk da na san waɗanda ba sa zuwa mitin su ne za su fara tambayar ina kuɗi.

Mitin na wata-wata an yi tara, uku ba a samu mutane ba. Kuɗin mamba kuwa cikin mu 64 mutum 27 ne suka biya cikakke, sauran na bi har na gaji, wani ma in ya hango ni a masallaci sai ya canza ƙofa.

Maganar tanki na biyu da har yanzu ƙafafunsa kawai ke tsaye, ba wanda ya ci ko sisi. Bara mun yi kasafi kan cewa gidaje 190 za su biya kuɗin ruwa daga Yuli zuwa Satumba, sai 148 kawai suka biya, don da ruwa ya sauka kowa ya tara duro ƙarƙashin indararo ya manta da mu. Gida 42 kenan, sau naira 1,500, sau wata uku, naira 189,000 da muka riga muka yi wa mai walda alkawari ba ta shigo ba. Laifinmu ɗaya, mun ɗauka tunda ana ƙaruwa haka za a yi ta ƙaruwa.

Abin da ya fi faranta min rai bana shi ne zaman lissafin da muka yi bayan ƙaramar Sallah. Wallahi ban zaci za a cika haka ba, har tabarma sai da aka aro, iyayenmu mata suka aiko da kunun aya, ma'aji ya kwaso tsofaffin littattafan rasit har da wanda ɓera ya ci gefensa, malamin lissafin nan namu ya kawo allo ya tsaya tun bayan La'asar har aka kira Magariba. Matasa suka zauna suna ƙirga rasit ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan aka gano sunayen da ke rijista sun fi masu biya yawa sosai, shi ya sa aka yanke cewa daga yanzu wanda ya biya kawai ake ƙirgawa. Allah ya saka da alheri.

Ga yadda malam ya nuna mana. Da farko a gane ƙaruwar gaskiya, kuma ba a gwada damina da bazara, lokaci ake gwadawa da irinsa. Afrilu zuwa Yuni na bara waccan gida 140 ne, bara 180, bana 220, wato 40 a shekara, goma duk wata uku. Da babu damina wata ukun da ke tafe 230 za mu sa rai.

Sai a duba nawa damina ke rage mana. Bara waccan ya kamata a samu 150 aka samu 120, kashi 80 cikin ɗari kenan. Bara ya kamata 190 aka samu 148, kashi 78. Tsakiyarsu 79. Kashi 79 na 230 ya ba mu gida 182, kuɗinsu na wata uku naira 819,000, ba 1,035,000 da wasu ke lissafawa a baki ba. Kan 182 muka yi kasafi, don Allah kar wani ya zo a Agusta ya ce mutane na gudunmu, Oktoba na yi suke dawowa.

Amma fa damina biyu kacal muke da ita a rubuce, ba wahayi ba ne. In ruwa ya yi jinkiri ko ya ɗauke a tsakiya masu biya za su fi haka, in kuma aka ƙara kuɗin wata kamar yadda wasu ke matsawa to lissafin ya tashi gaba ɗaya. Goman nan ma da muke ƙarawa tana da iyaka, tanki ɗaya ne, ran da ruwa ya fara yankewa kafin Azahar sabbin gidaje za su koma wajen 'yan garuwa. Mun yarda ƙarshen Yuli ma'aji zai ƙirga rasit, in ya ga ƙasa da 170 ko sama da 195 sai a sake zama.

Gyaran famfon layin makaranta yana nan, mai gyara ya zo sau biyu ba wanda ya tsaya ya buɗe masa. Masu bashi 37 ɗin nan kuna da zuwa 15 ga Yuli, bayan haka zan karanta sunaye a mitin.

Magatakarda