Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Kamar bara, ni aka bar wa rubuta rahoton nan, ni ne kuma mai bin ku kuɗin wata, saboda haka a yi haƙuri idan muryata ta ɗan ɗaga a wasu wurare.

Taron wata-wata mun yi tara cikin goma sha biyu. Zaɓen kwamiti yana nan a watan Maris.

Mambobinmu 64 ne a rajista, masu allurar rigakafi da masu kayan gwari da direbobi, duk masu aiki da kayan da ke buƙatar ajiya a sanyi. Waɗanda suka biya kuɗin shekara cif su 23 ne. Sha bakwai ba su ba da ko sisi ba, kuma a cikinsu ne ake samun masu tambayata a kasuwar Farin Gada ina na'urorin da aka yi alkawari. To ga amsa. Mun tsara sayen na'urar lura da sanyi guda goma, irin wadda take ajiye bayanin kwana talatin. Da kuɗin da ya shigo, da yadda farashi ya tashi tsakanin lissafinmu da ranar saye, uku muka iya ɗauka. Su ukun ne ke yawo daga firiji zuwa firiji, kowane wuri wata ɗaya. Ba kwamiti ne ya ci kuɗin bakwai ba. Rasit yana hannun ma'aji ga mai son gani.

Amma ɗaya daga cikin ukun nan ta biya kuɗinta. Kun tuna ɗaukewar wutar da ta auka wa Arewa a ƙarshen Oktoba. A wani ƙaramin asibiti da 'yar'uwarmu take aiki, an murɗa makunnin firiji zuwa ƙarshe a kwanakin, wai don ya tara sanyi duk lokacin da aka tayar da janareto. Wuta ta dawo, ba wanda ya tuna ya mayar da shi. Firijin kuwa irin na gida ne, ma'aunin zafin yana rataye a jikin ƙofa, inda ya fi ko'ina ɗumi. Takardarsu ta safe da yamma tana nuna digiri 4 ko 5 kullum, daidai cikin 2 zuwa 8 da ake so. Da aka sa na'urarmu a tsakiyar kwalaben allurar rigakafi a watan Nuwamba, cikin kwana biyu kacal ta nuna alamar gargaɗi. Wannan alama tana fitowa ne idan sanyi ya wuce rabin digiri ƙasa da sifili har tsawon awa ɗaya. Da dare abin yake faruwa, lokacin da ba mai buɗe ƙofa kuma sanyin Jos ya sauko. Kafin ma'aikata su iso da safe, ma'aunin ƙofa ya koma lafiya lau.

Kwalaben allurar Fenta, mai kare yara daga cututtuka biyar, da na allurar ciwon hanta suna can baya, jingine da bangon da ke yin ƙanƙara. Su ne kuwa daskarewa take kashewa, kuma idan sun narke ido ba ya bambanta su da masu kyau. Tambarin da ke jikin kwalba ma bai taimaka ba, don zafi kaɗai yake gani: muddin murabba'in tsakiya ya fi da'irar haske sai a ce lafiya, ko da kwalbar ta kwana a daskare.

Wannan ne ya sa muka sauya tsarin bitar Disamba gaba ɗaya, kuma ita ce abin da na fi alfahari da shi a bana. Mutum 41 suka zo, har da waɗanda ba mu gani ba tun azumi. Hajiya, wadda ta fi mu duka daɗewa a aikin allura, ita ta yi gwajin girgizawa a gaban kowa. Tun ana gobe bitar da yamma ta sa kwalba ɗaya a firiza, ta kamfani ɗaya da rukuni ɗaya da waɗanda ake zargi, ta rubuta mata "daskararriya" don kada a yi kuskure. Ta kwana sama da awa goma har ta zama dutse, sannan aka bar ta ta narke da kanta. Hajiya ta riƙe ta tare da wadda ake zargi a hannu ɗaya, ta girgiza su kamar daƙiƙa goma sha biyar, ta ajiye su gefe da gefe a kan tebur inda haske ke shigowa ta taga.

Ɗakin ya yi tsit. Ba a jima ba daskararriyar ta fara kwantar da gari a ƙasa, samanta ya washe. Wadda ake zargin ta bi ta kusan tare. Sai Hajiya ta ɗauko ta uku daga firijin da bai taɓa samun matsala ba, ta maimaita. Wannan ta daɗe da launin madararta, tana kwanciya a hankali. Ta ce, "Ƴaƴana, wadda ta kwanta tare da daskararriya ko ta riga ta, ba a yi wa ɗan kowa allura da ita." Ta kuma ja kunne cewa gwajin ba ya aiki a kan allurar shan inna wadda ake tsirawa, ba ta ɗigawa a baki ba, ko da yake ita ma daskarewa tana lalata ta, a nan na'urar kaɗai ce shaida.

Bayan azahar aka koma kan akwatin fita ƙauye. Da yawanmu muna ciro ledar ƙanƙara daga firiza mu jefa ta kai tsaye kusa da kwalabe, muna ganin ƙwazo ne. Aka shimfiɗa su a tebur har suka yi gumi, kowa ya ɗauka ya girgiza a kunnensa. Sai ka ji ruwa yana motsi a ciki sannan ta cancanci shiga akwati.

Na ɗauka masu kayan gwari za su gaji su fice, ashe su ne za su fi tambaya. Alhaji da ke kai kaya Abuja ya ba da labarin motar da ya cika da kabeji da karas da tumatir, aka saita ta a digiri 2. Kabeji da karas suka isa garau, don su suna son sanyi kusa da sifili. Tumatir ɗin da aka tsinka da ɗan kore ya ƙi nuna da kyau, ya yi tabo-tabo, ya ruɓe kwana kaɗan bayan an sauke, saboda shi ƙasa da digiri 10 cutarsa yake yi. Kokwamba ma haka. Dankalin Turawa kuwa idan ya daɗe ƙasa da digiri 4 zaƙi yake yi, ya yi baƙi a mai. Kuma ko ba don sanyi ba, iskar da tumatir ke fitarwa yayin nuna tana sa kabeji ya yi rawaya, karas ya yi ɗaci.

Sai ɗakin sanyin da muka fara. Gini ya kai rufi, ƙofa da injin da faifan sola ne babu, kuma su ne suka fi tsada. Wasu sun ce a sa ƙaramin janareto a fara. Kwamiti ya ƙi, kuma ina tare da shi: ɗakin da ke sanyi da rana ya ɗumama da dare yana sa kaya su yi gumi, gumin nan kuwa shi ne ruɓa. Ga labarin Alhaji kuma ya nuna mana ɗaki ɗaya ba zai ɗauki tumatir da kabeji tare ba, dole a raba shi biyu, wanda ba ya cikin kuɗin da muka ƙiyasta da farko.

Takardun rubuta sanyi da muka buga, wurare goma sha biyu aka ba, biyar suka dawo da nasu. Biyu daga ciki lamba 5 ce tun daga ranar farko har ta ƙarshe, da biro ɗaya, har Asabar da Lahadin da na san ƙofar a kulle take. Ban kama suna ba.

Jerin masu jiran na'ura yana wurina, an fara da waɗanda suka biya. Sauran su same ni kafin taron Janairu.

Sakatare