Nakiyar da ba ta san an yi sulhu ba

Ya Edita,

An gama yaƙin basasar Angola a 2002, amma har yau manoma da yara na rasa ƙafafu a gonakin ƙasar. Nakiya na iya kwana shekaru cikin ƙasa tana jiran wanda zai taka.

Cire ta aikin haƙuri ne. Ma'aikaci yana durƙushe cikin layi mai faɗin mita 1, yana bi da na'urar gano ƙarfe. Duk inda ta yi ƙara sai ya tona daga gefe a hankali, kuma galibi ƙusa ce ko ɓaraguzan harsashi. Idan nakiya ce, a nan ake tarwatsa ta. Abin takaici, ambaliya kan kwashe nakiyoyi zuwa filin da aka riga aka share.

Naku,
Wani mai karatu